Lungunan da ke cikin ƙirjin Yaya Nana

“Ɗiyata mai shekara 8 tana da asma, likita ya ɗora ta kan maganin shaƙa safe da yamma. Ƙanenta ɗan shekara 5 ya ishe ni da tambaya: don me Yaya ke shan magani alhali lafiyarta lau, shi kuma an hana shi? Ku taimake ni da ɗan labarin da zan ba shi ya gane. Muna unguwar Birni a Damagaram.”

Ƴar'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ya raya miki su duka. Jinyar yara ce aikina, kuma abin da ɗanki ya gani da ido shi ne abin da ke sa manya da yawa su ajiye maganin nan: yarinya tana gudu tana dariya, sai a ce ta warke. Abu guda nake son labarin ya dasa masa a rai. Cutar tana nan a ɓoye ko ranar da babu tari, kuma lafiyar da yake gani a jikin yayarsa aikin maganin kullum ne. Ga labarin. Ki canja sunayen da na ƴaƴanki, ki faɗa masa da dare bayan an ci tuwo, ita ma tana zaune tana ji.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wani yaro ne sunansa Ilu, gidansu yana cikin Birni. Kullum da safe yana ganin Yaya Nana ta ɗauko abin shaƙarta mai ruwan ƙasa, ta girgiza shi, ta shaƙa, ta kurkure baki. Da yamma ma haka.

Ran nan sai Ilu ya je wajen Kaka ya ce, “Kaka, Yaya ba ta da lafiya ne?”

Kaka ta ce, “Lafiyarta lau. Ba ka ga jiya ta tsere maka a guje ba?”

“To don me take shan magani?”

Kaka ta jawo shi kan tabarma ta ce, “Ɗora hannunka a ƙirji. Ja numfashi. Ka ji ya ɗaga? A cikin nan akwai wani gari, da lunguna ƙanana ƙanana kamar na unguwarmu. Akwai wani mai kura sunansa Malam Iska. Ka san mai kawo mana ruwa da jarkoki? To shi Malam Iska numfashi yake kawowa. Ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, dare da rana, ko kana barci.”

Ilu ya ce, “Ni ma ina da shi?”

“Kowa yana da shi. Amma katangun lungunan Yaya masu saurin fushi ne. In ƙura ta taɓa su, ko hayaƙin murhu, ko sanyin asuba, sai su kumbura. In sun kumbura, lungu ya matse. Sai Malam Iska ya zo da kurarsa yana turawa da ƙyar, ƙafar kurar tana kuka, fiii, fiii. Ka taɓa jin wannan kukan a ƙirjin Yaya?”

Ilu ya yi shiru. Ya tuna wani dare da ya farka ya ji shi. Ya ce, “Na ji. Na ji tsoro.”

Kaka ta shafa kansa ta ce, “Shi ya sa likita ya ba ta abokai biyu. Na farko sunansa Shuɗi. Shuɗi gwanin gudu ne. Da an kira shi ya iso, ya sa kafaɗa ya tura katanga nan, ya tura can, lungu ya buɗe, Malam Iska ya wuce. Amma Shuɗi ba ya daɗewa. In ya gaji ya koma gida, katanga tana nan a kumburenta.

“Na biyu sunansa Magini. Shi ba ya gudu, ba ya surutu. Da safe ya zo ya shafa katangu, ya lallashe su. Da yamma ya dawo ya sake. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har kumburin ya sace, lungu ya yi faɗi.”

Ilu ya ce, “To ai ya gama aikin. Ya tafi gida mana.”

Kaka ta ce, “Haka wata yarinya ta ce. Ta ce, Magini, je ka huta, na warke. Ya tafi. Ranar farko, lafiya lau. Rana ta biyu, lafiya lau. Ta ce, kun gani? Ashe katangu suna kumbura a hankali, ba wanda ya gani, tun da a cikin ƙirji suke. Sai hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, har ba a hangen fadar Sarki. Cikin dare sai ga fiii, fiii. Aka kira Shuɗi, ya zo a guje ya tura katangu. Da ya gama sai ya ce, ni turawa kawai na iya, sace kumburi aikin Magini ne, ku nemo shi. Aka nemo Magini. Bai yi fushi ba, ya kama aikinsa safe da yamma. Bayan ƴan makonni yarinyar ta koma wasan langa da ƙawayenta.”

Ilu ya ce, “Ni ma a ba ni Magini!”

Kaka ta yi dariya. “Katangunka ba sa kumbura, me zai gyara? Na Yaya ne, likita ya auna mata daidai ita. Ba a ara, ba a wasa da shi.”

“In na sha ruwa da kofinta, nawa za su kumbura?”

“Ko kusa. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a tabarma ɗaya, ba a ɗauka. Kuma ba laifinta ba ne, ba laifinka ba ne. Amma akwai aikin da Magini yake nema a taya shi. Yana son yaro mai ƙwazo da zai riƙa kawo wa Yaya ruwan kurkure baki, ya ja layi a kalanda duk lokacin da ta shaƙa. In kuma ya ji fiii da dare, ya tashi Inna nan take. Ka san wani yaro haka?”

Ilu ya miƙe tsaye ya ce, “Ni ne!”

Washegari tun kafin a dama koko, Ilu ya tsaya gaban Yaya Nana da kofi a hannun dama, fensir a hannun hagu.

Ƙurunƙus kan kusu.

To, ƴar'uwa, yanzu ni da ke. Yaro ɗan shekara 5 in ya ji labari zai dawo da tambayoyi, don haka ki san abin da ke ƙarƙashin kowace gaɓa.

Lungunan su ne ƙananan hanyoyin iska na huhu. A mai asma abubuwa uku ke matse su: fatar ciki ta kumbura, majina mai kauri ta taru, naman da ya zagaye hanyar ya ɗaure. Shuɗi shi ne salbutamol, wanda kowa ya fi sani da bantolin. Yana sassauta wannan naman cikin ƴan mintuna, aikinsa kuma ya ƙare cikin wajen awa huɗu zuwa shida. Kumburin ba ya taɓa shi ko kaɗan. Magini shi ne maganin hana tashin ciwon, wanda aka fi rubutawa a nan shi ne bekulometazon. Shi ne ke sace kumburin, kuma ba a jin aikinsa a take. Yaro ya shaƙa ya ce bai ji komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sauƙi yakan fara bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu, cikakken amfaninsa kuwa sai an yi makonni har watanni ana sha ba fashi. Wannan bambancin ne ke yaudarar gidaje: wanda ake jin daɗinsa nan take shi ake riƙewa, wanda ke hana zuwa asibiti tsakar dare shi ake barin sa a kan taga. Ki duba kuma, launi yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In na ɗiyarki ba ruwan ƙasa ba ne, ki gyara labarin, ki kuma sa mai sayar da magani ya nuna miki sunan da ke jikin kowanne, ki ɗaura wa na kullum zare don kada a rikita.

Yadda abin ke faruwa a garin nan kusan iri ɗaya ne. A fara wa yarinya magani cikin Janairu bayan ta kwanta asibiti. Zuwa Afrilu ta daina tarin dare. Damina ta sauka, ƙura ta kwanta, abin shaƙa ya ƙare, kuɗi kuma ga gona ga cefane, sai a ce a bari tukuna. Makonni su wuce ba abin da ya faru, kowa ya gamsu an yi daidai. Sai Nuwamba ya kama, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga mura tana yawo a lakwal. Tari ya fara da asuba, daga nan shuɗin ya zama na kullum, daga nan a ɗauko ta a kabu-kabu cikin dare. Kumburin da ya dawo cikin watannin da ake ganin lafiya shi ya kawo wannan daren. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a shekarar 2019, 455,000 suka rasu da ita, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi ne, inda ba a gano ciwon da wuri ko ba a samun magani a kai a kai. Ban sa wannan cikin labarin ba, kuma kada ki sa. In ya tambaye ki ko Yaya za ta mutu, ki ce masa muna ba ta maganinta kullum don ta zauna lafiya, in ciwon ya tashi kuma mun san abin yi. Wannan gaskiya ce, kuma ta ishe shi.

Za ki ji ana cewa kada a bar yarinya ta saba da abin shaƙa, in ta saba ba ta rabuwa da shi. Watakila ma a gidanku wani babba ya riga ya faɗa. Maganin nan ba ya kama jiki irin na kayan maye. Abin da mutane ke gani shi ne an daina, ciwo ya dawo, sai su ce sabo ne, alhali ciwon ne da ma bai tafi ba. Gaskiya ne dangin kotizon ne, amma awonsa mikirogiram ne, hamsin ko ɗari a fesawa ɗaya ga yara, kuma kai tsaye huhu yake zuwa. Ba ɗaya yake da ƙwayoyin da wasu ke saye a kasuwa don ƙiba ba. Illarsa da aka sani ba zan ɓoye miki ba: yana iya kawo farin ƙuraje a baki ko dushewar murya, abin da kurkure baki da tofarwa ke ragewa sosai, kuma a wasu yara yana rage tsawo da wajen santimita ɗaya. Ki auna wannan da yarinyar da ba ta barci, ba ta zuwa makaranta, ana yi mata allura ko ƙwayoyin kotizon masu ƙarfi sau da yawa a shekara. Ni dai a wajena babu ma abin aunawa. Kuma ba lallai ne ta dawwama a kan wannan awon ba. In ta yi kamar wata uku lafiya, likita na iya ragewa mataki mataki. Shi zai rage, kuma ba a bakin hunturu ba.

Abin da na sa na kofi a labarin da dalili. Mutane suna haɗa asma da tarin fuka, har a ware wa yaro kwanonsa. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa ta iska. Asma ba a ɗaukarta. Tana bin jini a wasu gidaje, shi ya sa in kika ga ƙanen yana yawan tarin dare ko ƙirjinsa na kuka bayan gudu, ki kai shi a duba, kada ki ba shi na yayarsa.

Yanzu abin da ya fi damuna. Sau da yawa ana ba yaro magani kullum ba fashi, amma ba ya kaiwa huhu. In an fesa kai tsaye a baki, mafi yawansa a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, don yaro ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci guda. Maganin wannan shi ne ɗan bututun da ake sa wa tsakanin abin shaƙa da baki. In akwai shi a kantin magani kuma da hali, ki saya. In babu, gorar roba ta ruwa ko lemo mai rabin lita tana yin aikin. An gwada ta a kan yara a Afirka ta Kudu, aka wallafa sakamakon a 1999, kuma ta yi daidai da na kanti. A lanƙwasa waya daidai siffar bakin abin shaƙar, a ɗora ta a wuta, a huda gindin gorar da ita, a cusa bakin abin shaƙar tun robar na da ɗumi don ya zauna cif ba inda iska ke fita. A wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge da tsumma, don gogewa na sa maganin manne wa jikin roba.

Ga yadda za ta sha. Ta zauna ko ta tsaya a miƙe. Ki girgiza abin shaƙar sosai, ki sa shi a gindin gorar, gwangwaninsa na kallon sama. Ta kama bakin gorar da leɓɓanta ta rufe. Ki danna sau ɗaya tak, ta yi numfashi a hankali ta baki sau biyar ko shida cikin gorar. In likita ya rubuta fesawa biyu, ki ɗan dakata kamar rabin minti, ki sake girgizawa, ki sake dannawa. Kada ki danna biyu a jere ki ce ta shaƙe gaba ɗaya. Sannan ƙanenta ya miƙo kofi, ta kurkure ta tofar. Ranar da za ku koma wajen likita, ki tafi da gorar, ta sha a gabansa ya gani.

Layin da yaron zai riƙa ja a kalanda ba wasa ba ne kawai. Gwangwanin yana ci gaba da fesa iska bayan maganin ya ƙare, kuma girgiza shi kusa da kunne ba ya faɗa miki gaskiya. Yawancinsu fesawa 200 ke ciki, ki duba kwalin. In ɗaya da safe ɗaya da yamma take sha, kwana 100 ke nan. In biyu da safe biyu da yamma ne, kwana 50. Misali kin buɗe sabo ran 1 ga Disamba tana shan biyu biyu, zai ƙare ran 19 ga Janairu, tsakiyar hazo. Ki rubuta wannan ranar a jikin kwalin tun ranar buɗewa, ki fara neman wani saura mako biyu, tun da ba kullum ake samunsa a kantin farko ba. Kada a bar shi cikin rana ko a akwatin babur, zafin garin nan a watan Afrilu da Mayu ya wuce abin da aka yi shi ya jure.

A wannan kalandar kuma ki sa wata alama daban duk ranar da aka ɗauko shuɗin. Da ita za ki gane ko maganin na aiki. In a cikin mako tana buƙatar shuɗin fiye da sau biyu, ko tari yana tashinta da dare, ko ta daina shiga wasa don numfashi, to ba a shawo kan ciwon ba. Kafin a yi zancen ƙara awo, a duba uku: ana sha kullum kuwa, ana sha daidai kuwa, me take shaƙa a gida. Wannan na ƙarshe a gidajenmu sananne ne. Hayaƙin itace in tana zaune bakin murhu, turaren wuta a ɗakin da take kwana, maganin sauro na kunnawa, tabar wani a zaure, ƙona leda a bakin ƙofa, shara ba a yayyafa ruwa ba. Gidan sauro ya fi mata maganin kunnawa nesa ba kusa ba. Ranar da hazo ya yi kauri ta rufe hanci da baki da mayafi ko takunkumi a hanyar makaranta, shuɗin kuma yana cikin jakarta, malaminta ya san da shi.

Kin ga na ba yaron aikin tashin Inna, ban ba shi aikin ba da magani ba. Kada nauyin ya wuce haka a kansa, kuma ranar da aka manta kada a ce laifinsa ne. Idan ya tashe ki, shuɗin za ki ɗauko, na kullum ba ya buɗe ƙirji a take. Ki zaunar da ita, kada ta kwanta, ki ba ta ta cikin gorar, fesawa ɗaya bayan ɗaya. Ga mai shekarunta akan ba da huɗu, har zuwa goma in abin ya yi tsanani, a maimaita bayan minti ashirin, amma ki sa likitanta ya rubuta miki nata adadin a takarda ki manna a bango. In ta kasa ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya na shiga ciki, ko leɓɓa da harshe sun canja launi, ko ta yi laushi tana gyangyaɗi, ko kukan ƙirjin ya ɗauke alhali tana ta fama, ko shuɗin bai yi komai ba, kada ki jira gari ya waye. Ku nufi asibiti mafi kusa, kina ci gaba da ba ta shuɗin a hanya, ki tafi da abin shaƙar duka biyun da takardar likita.